Mun buga kalanda 500 da tsohuwar lambar waya: yaya kuke tsara fayilolin aiki idan kun fi mutum ɗaya?

Bash_Dizain:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na zo da kuka ne, amma shawara nake nema. Mu uku ne a shagonmu: ni, da abokin aikina mai gyaran hotuna a Photoshop, da ƙanwarmu mai duba rubutu. Wata makarantar Islamiyya ta ba mu aikin kalanda mai shafi shida, wata biyu a kowane shafi, da kwanan watan Musulunci a ƙasan na boko. A CorelDRAW muke jera shafukan. Ana cikin aiki shugaban makarantar ya kira ya ce sun sauya lambar waya. Na gyara a kwamfutata. A ranar kuma abokina ya sauya hoton shafi na uku a tasa kwamfutar. Da aka zo kai wa masu bugu sai na buɗe foldar na tarar da waɗannan:

```
kalanda final.cdr
kalanda final 2.cdr
kalanda final gyara.cdr
kalanda FINAL na karshe.cdr
```

Na duba wanda kwanan watansa ya fi sabunta na tura. Ashe na abokina ne: sabon hoto, tsohuwar lamba. Sai da aka buga 500 aka ɗaure muka gani. Yanzu siririyar sitika muke liƙawa a kan lambar, shafi shida sau ɗari biyar. Don Allah masu aiki tare da wasu, yaya kuke yi?

Ummu_Hanifa:
Wa alaikumus salam. Sannu, Allah Ya mayar da alheri. Sitika dubu uku ke nan fa, hannu zai gaya muku.

DanFagge:
Hahaha, "FINAL na ƙarshe". Wallahi Bash ka tona mana asiri duka. Ni ina da wanda na sa wa "final kada a taba".

Malam_Tsari:
Bash, Allah Ya kiyaye gaba. Kafin a fara kawo magani, bari mu gane cutar, don ba sunan fayil kaɗai ya kayar da kai ba. Abin da ya faru shi ne aikin ya rabu gida biyu. Daga lokacin da kai da abokinka kuka buɗe kwafi ɗaya a kwamfuta biyu, kowa ya yi nasa gyaran, babu wani fayil a duniya da yake ɗauke da gyaran biyu. Ko wanne ka ɗauka a cikin huɗun nan da sai ka rasa wani abu: ko lambar ko hoton. Saboda haka ba zaɓin ne ya ɓaci ba, tun farko babu na daidai a ciki.

Shi kuma kwanan watan da kwamfuta take nunawa a `Date modified`, ba ya cewa wannan ne aiki mafi cika. Lokacin da aka danna `Save` na ƙarshe kawai yake faɗa. Idan ka buɗe fayil na makon jiya don ka leƙa wani abu, ka matsar da layi ɗaya ba da niyya ba, ka adana, to ya hau sama ya zama "sabo". Idan ka sauke fayil daga intanet ma, sau da yawa ranar saukarwar yake ɗauka.

Mu abin da muke yi abu biyu ne. Na farko, kalmar "final" haramun ce a sunan fayil, lamba ce kawai take hawa. Na biyu, fayil ɗaya mutum ɗaya a lokaci ɗaya.

Bash_Dizain:
Malam, ka faɗi gaskiya, ban ma lura cewa babu na daidai ba sai yanzu. To lambar yaya kuke sa ta? Duk lokacin da na adana sai na sauya suna?

Malam_Tsari:
A'a, da haka ne ai sai ka cika faifai a kwana biyu. Kana aiki kana danna `Ctrl+S` a kan zubi ɗaya yadda ka saba. Lamba tana hawa ne a wuri uku: idan za ka nuna wa mai aiki, idan za ka miƙa wa wani ya ci gaba, ko idan za ka yi babban sauyi da kake jin za a iya cewa a koma na da. A nan za ka yi `Save As` ka ƙara ɗaya. Ga yadda naka zai kasance:

```
kalanda26_ciki_v05_BA.cdr
kalanda26_ciki_v06_SL.cdr
kalanda26_ciki_v07_BA.cdr
```

Haruffa biyun ƙarshe na wanda ya buɗe wannan zubin ne. Da kun bi haka, ga yadda ranar za ta tafi: ka gyara lambar waya a v05, ka ajiye a wurin da kowa yake ɗauka, ka rubuta a zaurenku na WhatsApp cewa ka saki. Abokinka ya ɗauki v05 ɗin, ya mayar da ita v06, ya sauya hoto. Gyaran ka yana ciki tunda a kansa ya ɗora. Idan kuwa kun yi kuskure kuka ɗauka tare, za ka ga v06 guda biyu, ɗaya BA ɗaya SL, kuma ganin lamba ɗaya sau biyu shi ne ƙararrawar da za ta tsayar da kai kafin ka tura wa masu bugu. A tsarinka na yanzu babu abin da zai yi maka wannan ƙarar.

Sannan PDF ɗin da ka fitar ya gaji lambar uwarsa. Daga v07 sai `kalanda26_ciki_v07.pdf`. Ranar da mai aiki ya ce "na fi son wanda kuka turo ran Talata", ka duba lambar da ke jikin abin da ka tura masa, ka buɗe fayil mai wannan lambar, shi ke nan.

Hajjo_Kreatif:
Ni ban yarda da lamba ba, kwanan wata ya fi. Ina sa 12-11-2025 a gaban suna, kowa ya san ranar da aka yi.

Injiniya_Sadi:
Hajiya, kwanan wata yana da amfani, amma yadda kika jera shi zai rikita miki folda. Idan rana ce a gaba, 03-12-2025 zai zo saman 12-11-2025 alhali Disamba tana bayan Nuwamba. Ki fara da shekara, sai wata, sai rana: 2025-11-12. Wannan shi ne tsarin ISO 8601, kuma da shi fayiloli suke jeruwa da kansu. Matsalarsa ɗaya, idan kin yi gyara uku a rana ɗaya fa?

Hajjo_Kreatif:
Sai in ƙara a, b, c. Amma na karɓi gyaran shekara a gaba, na gode Injiniya.

DanFagge:
To ai a, b, c ɗin ma lamba ce ta sa hijabi, Hajiya.

Injiniya_Sadi:
Ni dai da za ku ji shawarata da kun daina wannan wahalar sauya suna gaba ɗaya. Mu masu rubuta manhaja mun wuce nan tuntuni. Ku sa Git. Fayil ɗaya, suna ɗaya, duk tarihin yana ajiye, kowa ya yi aikinsa a haɗe daga baya.

Malam_Tsari:
Injiniya, rabin maganarka daidai ne. Git yana iya haɗa aikin mutum biyu ne saboda fayilolinku rubutu ne zalla, yana kwatanta su layi da layi. Fayil ɗin Corel ko na Photoshop dunƙule ne a wurinsa. Ba zai iya ɗauko lambar wayar Bash daga wannan ya haɗa da hoton abokinsa daga wancan ba, cewa zai yi ka zaɓi ɗaya, wato mun dawo inda muka taso. Ga nauyi kuma: GitHub, shafin da ake ajiye aikin Git a intanet, ba ya karɓar fayil da ya haura MB 100 ta hanyar da aka saba, kuma bangon kalanda mai leyoyi da yawa yana iya wuce haka.

Injiniya_Sadi:
Akwai Git LFS don manyan fayiloli, kuma yana da kulle:

```
git lfs lock kalanda26_ciki.cdr
```

Idan ka kulle, sauran sun san yana hannunka har ka buɗe.

Malam_Tsari:
Madalla, ka ga ke nan ku ma da kuka zo kan irin fayilolinmu sai da kuka koma dokar mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Shago mai mutum uku zai iya yin wannan kullen da saƙo ɗaya: "v07 tana hannuna." Ban hana wanda ya iya Git ba, amma ban ga ƙanwar Bash mai duba rubutu tana buga umarni a baƙin allo ba.

Ummu_Hanifa:
Malam kada ka raina mu fa, in aka koya mana za mu iya. Amma dai gaskiya saƙon ya fi sauƙi.

Sani_Waya:
Oga idan fayil ɗin ne ya goge ka kawo faifan, akwai manhajar da muke dawo da shi in dai ba a ɗora wani abu a kai ba.

Bash_Dizain:
Na gode Malam Sani, ba gogewa ya yi ba, yawa suka yi.

Zinder_Infographie:
Gaisuwa daga Damagaram. Ni maganar leya nake son taɓawa, don ita ma tana cikin tsara fayil kuma ba wanda ya ce komai. Mu nan kusan kowane aiki sau biyu yake fita, da Faransanci da Hausa. Da can fayil biyu nake yi, sai na sha irin wahalar Bash: a gyara kwanan taro a na Faransanci a manta na Hausa. Yanzu fayil ɗaya ne. A Photoshop ina tara rubutun kowane harshe a rukuninsa da `Ctrl+G`, ɗaya `TXT_HA` ɗaya `TXT_FR`. Abin da harsunan biyu suka yi tarayya a kai, kamar lambar waya da tambari da hotuna, yana wajen rukunan biyu, sau ɗaya tak. Sai in yi `Layer Comps` guda biyu, in danna wannan Hausa ta fito, in danna wancan Faransanci ya fito.

Kuma don Allah mu riƙa sa wa leya suna. Na taɓa karɓar aikin wani da ya yi tafiya, na buɗe na tarar da `Layer 47 copy 3` da 'yan'uwanta sun fi sittin. Na kwashe kusan awa ina kunna idon kowace leya ina kashewa kafin na gano wadda take riƙe da inuwar take. Sunan ya faɗi aikin leyar, ba kamanninta ba. Idan ka sa "ja" gobe mai aiki ya ce a mayar kore, sunan ya zama ƙarya. Ka sa `bango_take` ko `hoto_shugaba`. Idan ka danna sunan sau biyu ka rubuta, `Tab` zai kai ka leya ta gaba kai tsaye, minti biyar ka gama da guda talatin.

DanFagge:
Ni kam idan leyoyi suka yi yawa haɗe su nake yi su zama ɗaya, fayil ya yi sauƙi, ba ruwana da suna.

Zinder_Infographie:
Ɗan'uwa, ka haɗe a kwafin da za ka fitar, ba a na aiki ba. Ranar da aka ce a gyara harafi ɗaya a take, kuma ka riga ka narkar da rubutun cikin hoto ka adana ka rufe, sai dai ka sake ginawa.

Malam_Tsari:
Maganar mutumin Damagaram ta tuna mini abin da ya kamata in tambaya tun farko. Bash, lambar wayar nan, sau shida ka rubuta ta, ɗaya a kowane shafi?

Bash_Dizain:
Eh Malam, kwafa na yi na liƙa a kowane shafi.

Malam_Tsari:
To Corel yana da leyar da take bayyana a duk shafuka. A `Object Manager`, wanda sababbin fitowa suke kira `Objects`, ka zaɓi `New Master Layer (all pages)`, ka sa mata suna kamar `adireshi_da_waya`, ka zuba sunan makaranta da lamba da tambari a ciki. Gyara ɗaya ya wadatar da shafi shida. Ba zai hana rabuwar fayil ba, amma yana hana a gyara shafi biyar a manta ɗaya, wanda shi ma na ga ya faru.

Ummu_Hanifa:
Tunda ni ma duba rubutu nake yi kamar ƙanwarku, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne gyara ya zo ta hanya huɗu: mai aiki ya kira wannan a waya, ya tura wa wancan saƙon murya, ya aiko yaro da takarda. Babu wanda ya san duka. Mun buɗe ƙaramin fayil na rubutu a cikin foldar aikin, duk wanda ya karɓi gyara ya rubuta layi ɗaya:

```
v05 BA 2025-11-10 sabuwar lambar waya
v06 SL 2025-11-10 hoton shafi 3
v07 BA 2025-11-12 gyaran Rajab, an tura gwaji
```

Kafin a kai bugu ina ɗaukar wannan jerin in bi PDF ɗin da shi ɗaya bayan ɗaya. Ba fayil ɗin aiki nake dubawa ba, ainihin PDF ɗin da zai tafi. Da an yi haka a naku, layin farko zai kama kuskuren.

Bash_Dizain:
Wannan kam yau za mu fara. Saura wurin ajiya. Yanzu da fulash da WhatsApp muke miƙa wa juna.

Kabiru_Offset:
Ni a gidan bugu nake, bari in faɗa muku abin da yake iso mana. Mutum ya turo hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta matse shi ta kuma sauya masa suna ya koma irin `IMG-20251112-WA0007.jpg`. Duk lambar da Malam_Tsari ya wahala ya koya muku ta tafi. Ku tura a matsayin `Document`, sunan da ingancin duk suna tsira.

Na biyu, salon rubutu. Ka yi aiki da wani salo da ka sauke, ni ba ni da shi, Corel ya musanya da wani. A rubutun Hausa abin ya fi muni, don ba kowane salo ne yake da ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga akwati a wurin harafin ko harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma. Kafin ku turo ku zaɓi rubutun ku danna `Ctrl+Q` ya koma zane. Amma a kwafin bugu kaɗai, don bayan haka ba ya gyaruwa a matsayin rubutu. Kuma ku tambayi wane Corel muke da shi, tsoho ba ya buɗe fayil ɗin sabo sai an adana shi da lambar tsohon. PDF ya fi mana kwanciyar hankali.

Hajjo_Kreatif:
Malam Kabiru, `Ctrl+Q` ɗin nan ya taɓa cin ni. Na mayar da rubutun littafin yaye ɗalibai zane, na adana a kan na aiki, washegari aka kawo gyaran sunaye goma sha ɗaya. Abin da ya cece ni shi ne `Backup_of_` da Corel yake ajiyewa a gefe.

Malam_Tsari:
Kin yi sa'a, Hajiya, don wannan taki ɗaya kawai yake komawa baya. Da kin sake adanawa sau ɗaya da ya tafi. Shi ya sa nake raba foldoji, kwafin bugu ba ya kwana ɗaki ɗaya da na aiki:

```
2025-11_kalanda_islamiyya/
  01_daga_mai_aiki/
  02_hotuna_da_tambari/
  03_aiki/
  04_gwaji/
  05_bugu/
  tarihi.txt
```

Ta farko ba a taɓa abin da ke cikinta, yadda aka kawo haka yake zama. Ta uku sabon zubi kaɗai ake bari a fili, tsofaffin a tura su ƙaramar folda `tsoho` a cikinta. Ta biyar fayil ɗaya ne a ciki, wanda mai aiki ya amince da shi a rubuce. Idan ka ga biyu a nan, a tsaya.

Za ku lura ban sa ƙ ko ɗ a sunayen ba. A cikin aiki dole a rubuta su daidai, amma a sunan fayil na ga sun rikiɗe sun zama tarkace bayan an matse folda an buɗe a wata kwamfutar. Windows kuma ba ya karɓar / ko : ko ? a suna, don haka kwanan wata mai / a tsakani ba zai shiga ba.

Injiniya_Sadi:
Foldar ta zauna a Google Drive kowa ya ɗauka daga can. Kyauta ana ba da GB 15. Kuma idan aka ɗora sabo a kan tsoho, `Manage versions` yana riƙe na baya.

Ummu_Hanifa:
Yana riƙewa amma ba har abada ba, Injiniya. Bayan kwana 30, ko in zubin ya haura 100, yana iya share tsofaffin sai in ka danna `Keep forever`. Kwandon shara ma kwana 30 ne. Mu mun nemi aikin bara da wani ya goge, muka tarar wayam. Sannan Drive yana yarda fayil biyu su zauna a folda ɗaya da suna iri ɗaya sak, na gani da idona.

Kabiru_Offset:
Kuma idan foldar tana daidaita kanta da kwamfutoci uku, wanda ya goge a tasa ya goge wa kowa. Ku sami faifan waje ku riƙa kwafe aikin da aka gama, a ajiye shi a gida ba a shago ba.

DanFagge:
Duk na ji, amma ku faɗi gaskiya, wa yake da datar ɗora fayil mai MB 300 sau bakwai? Ga wuta ba kullum ba. Mu da muke shago ɗaya fulash ya fi mana.

Malam_Tsari:
Ban ce dole sai intanet ba. Abin da ake bukata wuri ɗaya ne da kowa ya yarda shi ne gidan aikin. In kuna ɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya ta zama gidan, ko faifai ɗaya. Fulash abin ɗauka ne a kai a dawo, ba wurin zama ba. Idan ya zama akwai kwafi a fulash, da wani a kwamfutarka, da wani a waya, kuma kowanne ana gyara shi, an koma gidan jiya.

Zinder_Infographie:
Ni dai har yanzu ina ganin haruffan suna a ƙarshen fayil ba su da amfani in akwai `tarihi.txt`. Suna tsawaita suna kawai.

Hajjo_Kreatif:
Suna da amfani mana. In babu su, v06 ɗinka za ta hau kan v06 ɗina ta danne ta, kwamfuta ta tambaya "a musanya?" wani ya danna eh cikin sauri.

Zinder_Infographie:
Hakan ma magana ce. Zan gwada a aiki na gaba in gani.

Bash_Dizain:
Na gode ƙwarai jama'a. Na buɗe fayilolin huɗun gefe da gefe, na ɗauki na abokina na sa sabuwar lambar a leyar duk shafuka, na kira shi v08, sauran na tura `tsoho`. Tambaya ɗaya ta rage: bangon kalandar a Photoshop yake, ana shigo da shi Corel a matsayin hoto. Shi ma lambarsa daban za ta riƙa hawa, ko in daidaita ta da ta cikin?

Malam_Tsari:
Daban. `kalanda26_bango_v03` ba ruwansa da v08 ta ciki. Amma Corel yakan haɗiye hoton ne a cikin fayil, don haka in an gyara bango a Photoshop ba zai sauya da kansa ba, sai an sake shigo da shi. Ka rubuta a tarihin cewa v08 tana ɗauke da bango v03.

Injiniya_Sadi:
Ni da na daidaita su, lamba ɗaya ga aikin gaba ɗaya, ya fi sauƙin tunawa.

DanFagge:
Bash, sitika nawa suka rage? In kuna biyan ladan liƙi ina da yara biyu suna hutu.

Bash_Dizain:
Mun yi kalanda 180, saura 320, kuma ran Asabar za su zo ɗauka. Turo su gobe da safe.